Wasiƙa zuwa ga abokina: maganar Okonkwo da ubansa

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da ɗalibanka. Wasiƙarka ta iso, sai dai akwai inda ban yarda da kai ba. Ka ce Okonkwo na cikin Things Fall Apart, littafin Chinua Achebe na 1958, tauraro ne mai hali ɗaya tak, tunda har ya mutu bai sauya ba. Ina ganin ka ɗauki ma'aunin da ba shi ba.

E. M. Forster, marubucin Ingila wanda ya raba taurarin labari gida biyu a 1927, shafaffe da mulmulalle, cewa ya yi shafaffen tauraro jimla ɗaya ta isa ta bayyana shi. Mulmulalle kuwa shi ne mai iya ba ka mamaki, kuma in ka yi tunani ka ga lalle zai aikata. Ba dole sai ya tuba ba.

To, gwada Unoka, uban Okonkwo: rago ne, mai busa sarewa, mai cin bashi. Shi ke nan. Da maƙwabcinsa Okoye ya zo karɓar kuɗinsa, dariya ya fashe da ita, ya nuna masa zanen alli a bango, wai manyan basussuka zai fara biya. Ka yi mamaki? Ni ban yi ba, kamar yadda ba na mamaki in Gizo ya cuci Ƙoƙi.

Yanzu gwada ɗan. In ka ce mugu ne, ai bayan ya sare Ikemefuna, yaron da ya shekara 3 a gidansa yana kiransa baba, kwana biyu bai sa abinci a bakinsa ba. In ka ce marar tausayi ne, wa ya ɗauki adda ya bi sawu har bakin kogo a daren da Chielo, matar da ke kula da tsafin garin, ta goya 'yarsa Ezinma ta tafi da ita? Kowace jimla ka ɗora masa, sai wani shafin ya ƙaryata ka.

Dalilin Achebe, a ganina, shi ne Unoka da muke gani ba dukansa ba ne, abin da ya rage a zuciyar ɗansa ne. Ya shekara 10 da mutuwa kafin labarin ya fara, aikinsa ya zama abin da Okonkwo ke gudu. Da an cika shi da fuskoki, da hankalinmu ya rabu biyu. Shi kuwa Okonkwo, da mugu ne zalla, wa zai damu ranar da aka iske shi a rataye?

Ka ba yaranka Obierika, aminin Okonkwo, su gwada, ka rubuto mini abin da suka ce. A gaida uwargida.

Naka har kullum.