Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Ƙwadago: "Allah ya kiyaye" ba rahoto ba ne

Ranka ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri.

Najeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 187 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, kan kare lafiya da rayukan ma'aikata a wurin aiki, a 2022, wadda ginshiƙinta shi ne rigakafi. To amma a wuraren gini na Abuja, daga Guzape zuwa Jahi, idan ƙugiya, wato motar ɗaga kaya masu nauyi, ta yi tangaɗi da kaya a saman kan leburori ba a rasa rai ba, abin da ake rubutawa bai wuce layi ɗaya ba: "Kuskuren direba ne, an ja masa kunne." Wani lokacin ma ba a rubuta komai, a ce Allah ya kiyaye, a koma aiki. Muna roƙon a wajabta rahoton tsallake rijiya da baya, kuma a raba shi gida uku.

Ga misali, don kada a ce muna magana a iska.

Gida na farko: me ya faru? A nan ba a neman mai laifi, lokaci da awo kawai ake rubutawa. Ƙarfe goma da rabi na safe, motar ƙugiya ta ɗaga damin rodi daga tirela zuwa saman hawa na biyu. Da hannunta ya juya, ƙafar ƙarfen da ke tokare motar da ƙasa, ta dama ta baya, ta nutse kamar santimita 8, motar ta karkata, damin ya yi lilo ya bugi katakon kankare, tsakaninsa da leburori biyu bai fi mita ɗaya ba. Direba ya sauke kayan, babu wanda ya ji ciwo. Shi ke nan. Da zarar kalmar "sakaci" ta shiga wannan gida, bakin shaidu ya rufe, domin kowa na tsoron abincinsa.

Gida na biyu shi ne dalilan da suka taru, kuma nan ne aikin yake. Takardar shiri ta ce nauyin tan 3 ne. Wa ya lissafa? Rodi mai milimita 16, tsawon mita 12, yana kai kilo 19. Sanda 200 ke cikin damin, wato tan 3.8, ba a ma haɗa da nauyin ƙugiyar da ake rataya kayan a kanta da sarƙoƙi ba. Sannan tazara. An shirya a sauke kayan a mita 10 daga tsakiyar motar, inda a ce jadawalin nauyi na masana'anta ya ba ta damar ɗaga tan 4.5. Sai aka tarar da tulin yashi a wurin da za ta tsaya, aka ja ta baya, tazara ta koma mita 13, inda jadawalin ya sauko zuwa tan 3.2. Mutane na jin "mai tan 25" su ɗauka ko'ina tana ɗaukar haka, alhali wannan adadin a dab da jikinta ne kawai.

Ƙafar da ta nutse kuwa, a kan ramin bututu take, wanda aka cike da ƙasa ba a daddale ba, ga ruwan Agusta ya jiƙa shi, kuma guntun katako aka sa mata maimakon faffaɗan matashi. Na'urar da ke hana wuce kima ta yi ƙara, aka murɗa mabuɗi aka kashe ta, saboda hayar motar ta yini ce kuma ɗan kwangila na duban agogo. Yanzu, ranka ya daɗe, a cikin waɗannan duka nawa ne na direba shi kaɗai? Kore shi ba zai daddale ramin ba.

Gida na uku, gyara. Kowane dalili ya samu nasa maganin, da sunan wanda zai yi, da ranar gamawa, da wanda zai je ya gani da ido. A ƙirga rodi a lissafa nauyi kafin a ɗaura sarƙa. Duk lokacin da mota ta canja wurin tsayuwa, a tsaya a sake awon tazara a duba jadawali. Injiniya ya nuna inda ramuka suke kafin a kafa ƙafafu. Mabuɗin na'urar ya bar hannun direba ya koma wurin mai kula da ɗagawa. A zagaye wurin da igiya, kada kowa ya tsaya ƙarƙashin kaya. "A riƙa kula" ba gyara ba ne, domin ba wanda zai iya tabbatar da an yi shi.

Ba mu manta ƙugiyar da ta faɗo a Harami a Satumban 2015 ba, rayuka sama da ɗari. Ko sai mun ga irinta a Abuja sannan a kafa kwamiti?

Fom mai shafi ɗaya muke nema, mai gida uku, wanda masu binciken ma'aikatarka za su tambaya duk lokacin da suka shiga wurin gini, tare da kariya ga leburan da ya kai rahoto. Maganar ƙarancin masu binciken da horar da masu ɗaurin kaya, wannan sai wata wasiƙar.

Naka,
Wasu masu kula da aikin ƙugiya, Abuja