Zuwa ga Alhajin Kantin Kwari da ya tambaye ni batun zakka da haraji

"Malam, kai da kake yi wa 'yan kasuwa lissafi, ka amsa mini a gaban jama'a. Bana na biya harajin gwamnati har na ji a jikina. Tunda shi ma an ce jama'a ake yi wa aiki da shi, ba zan iya cire shi daga cikin zakkata ba?"

Assalamu alaikum Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Amsar a taƙaice ita ce ba zai yiwu ba, kuma a kan haka mafi rinjayen malamai suke. Ni ba mai fatawa ba ne, aikina duba littattafan shago, amma ko a lissafi kaɗai za ka ga wurin da hanyoyin biyu suka rabu. Bari in ɗauki shago kwatankwacin naka, da alƙaluman da na ƙaddara don misali.

A ce ranar da shekararka ta zakka ta cika, ka ƙirga atamfa da shadda da leshin da ke kan kanta da na sito, ka yi musu ƙima da farashin kasuwar ranar, suka kama naira miliyan 40. Akwai miliyan 5 a banki da aljihun tebur. Kana bin abokan ciniki miliyan 3 waɗanda kake da tabbacin za su biya, wani dila kuma yana bin ka miliyan 8. Idan aka haɗa aka cire bashin, saura miliyan 40. (A mazhabar Malikiyya, in kana da wata kadara ta daban da za ta iya tsaya wa bashin, kamar gidan haya, ba za ka cire shi ba. Wannan ka zauna da malaminka a kai.) Kuɗin ya haura nisabi, wato dinari 20, kimanin giram 85 na zinare, don haka ɗaya cikin arba'in ya hau kanka: naira miliyan 1 cif.

Lura da abin da ba a tambaye ka ba a wannan lissafin. Ba wanda ya ce nawa ka ci riba. Ba a kuma sa kantocin katako da janareta da motar ɗaukar kaya ba, domin ba na sayarwa ba ne. Zakkar kasuwanci dukiyar da ke hannunka take kallo, wadda ta shekara kuma ake juya ta.

Mai haraji kuwa jarin bai dame shi ba, abin da ya shigo yake nema. A ce bayan kuɗin haya da albashin yaran shago da dakon kaya, ribarka ta shekara miliyan 6 ce. A dokar harajin da aka sa wa hannu a 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, naira dubu 800 na farko ba a taɓa su. Miliyan 2 da dubu 200 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari, wato dubu 330. Ragowar miliyan 3 kashi 18, wato dubu 540. Jimla dubu 870, kafin a duba rangwamen da dokar ta yarda da su. Ka ga adadin ya kusa da na zakkar, shi ya sa zuciya ke raya wa mutum cewa abu ɗaya ake karɓa sau biyu.

To amma jira shekarar da kasuwa ta tsaya. Kaya na nan jibge, ciniki ya yi sanyi, abin da ya shigo haya da albashi sun cinye. Harajin riba ya faɗi ƙasa warwas, zakkarka kuwa tana nan kusa da miliyan ɗayanta, domin dukiyar ba ta gushe ba. Sannan dubi ma'aikacin da albashinsa na shekara ya kai miliyan 6 ɗin nan, amma abinci da kuɗin makaranta ba sa barin komai ya kwana. Ana yanke masa haraji tun kafin kuɗin ya shigo hannunsa, alhali ko kwabo na zakka bai hau kansa ba. Akwai ma harajin da bai san mai kuɗi da talaka ba, wato harajin sayen kaya na kashi 7.5, wanda kafin Fabrairun 2020 kashi 5 ne. Mutumin da kake miƙa wa zakkarka, in ya sayi katin waya, shi ma ya biya.

Wannan ya kawo mu kan adadin. Na gwamnati majalisa ke tsara shi, gobe tana iya ɗagawa ko ta soke. Dattawan Kwari suna tune da harajin kai da jangali, waɗanda gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke bayan hawansu a 1979. Na zakka ba mai ikon taɓa shi. Amfanin gonar damina ɗaya cikin goma, na ban-ruwa da aka sha wahalarsa ɗaya cikin ashirin, tumaki ko awaki 40 a ba da ɗaya, haka yake tun zamanin Annabi (SAW). Kuma ba ya hawa da hawan dukiya: mai miliyan 40 da mai biliyan 40 duk ɗaya cikin arba'in ne, saɓanin harajin da ke tashi mataki-mataki har kashi 25.

Inda maganarka ta fi samun cikas shi ne wurin masu karɓa. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙididdige su takwas: faƙirai, miskinai, ma'aikatan tattara ta, waɗanda ake lallashin zukatansu, 'yanta bayi, waɗanda bashi ya danne, tafarkin Allah, da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Da Annabi (SAW) ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya ce a karɓa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. Dubu 870 ɗinka kuwa baitulmalin jiha ta shiga, ta gauraya da sauran kuɗin shiga. Daga nan ake biyan albashin kwamishina, a zuba kwalta, a biya bashin gwamnati. Kwaltar nan motarka ma tana bi ta kai, kuma zakka ba ta dawowa ta amfani mai fitar da ita. Ko da a ce ba a saci ko sisi ba, titi da gada ba sa cikin takwas ɗin a wurin mafi yawan malamai. Ga kuma niyya. Ranar da ka je biya, takardar shaida kake nema don kada a garƙame maka shago, ita kuwa zakka ibada ce da ba ta inganta sai da niyyarta.

Na san za ka ce ai ka ji ana haɗa su a wata ƙasa. Gaskiya ne, a Maleshiya ana yi, amma ta ɗaya ɓangaren. Mutum ya biya zakkarsa cikakkiya ga hukumar zakka ta jiharsa, ya kawo rasit, sai gwamnati ta rage masa daidai wannan adadin daga harajinsa na shekarar. Gwamnati ce ta sassauta nata, rabon talaka bai ragu ba. In kuna son irin wannan, ƙungiyarku ta kasuwa ta kai maganar gaban 'yan majalisa, don su ne masu iko da wancan ɓangaren.

Sauƙin da kake da shi yanzu ɗan kaɗan ne, amma naka ne. Harajin da ka riga ka biya kafin ranar zakkarka ya fita daga dukiyarka, ba za a ƙirga shi ba. Dubu 870 da ta bar asusunka ta rage maka zakka da ɗaya cikin arba'in ɗinta, wato naira 21,750. Idan ka shirya ƙirgar kayan bana, aiko yaro da littafin shiga da fita da jerin masu bin ka da waɗanda kake bi, mu zauna bayan La'asar.

Wassalam.