Baba ya bar wa Yaya gida a wasiyya, malamai sun ce bai yiwuwa

Assalamu alaikum Malam. Allah Ya ƙara maka lafiya da basira.

Daga Argungu nake rubuto maka. Mahaifinmu ya rasu bayan Babbar Salla, ya bar mahaifiyarmu da mu 'ya'ya biyar, maza biyu mata uku, autarmu ko balaga ba ta yi ba. A cikin akwatinsa muka tarar da takarda da ajami, da sa hannun shaidu biyu. Ya ce a ba Yayarmu gidansa na cikin gari, don ita ta yi jinyarsa tun da ya kwanta. Gonar shinkafarsa ta fadama kuwa ya ce ta jikansa ce, ɗan wanmu da ya riga shi rasuwa.

An yi wa dukiyar kuɗi. Bayan hidimar jana'iza da biyan bashi, saura naira miliyan 12. Gidan miliyan 3 ne, gonar miliyan 5.

Limaminmu ya ce wasiyya ba ta wuce sulusi, watau miliyan 4 a nan. Ya kawo hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku, sannan rabi, Annabi (SAW) ya tsayar da shi a sulusi, ya ce sulusin ma da yawa. Jikan yana iya karɓar miliyan 4 ɗin, tunda mu baffanninsa mun shamakance shi daga gado. Amma ta Yaya ta ɓaci, don babu wasiyya ga magaji: Allah Ya riga Ya yanka wa kowa rabonsa a Suratun Nisa'i, duk abin da aka ƙara wa ɗaya daga hannun 'yan'uwansa aka cire shi. A lissafinsa miliyan 8 za a raba. Inna ta ɗauki tumuni, miliyan 1, kowane namiji miliyan 2, kowace mace miliyan 1.

Na yarda da hukuncin, Malam, amma raina bai kwanta ba. Da idona na ga Yaya tana wanke wa Baba shimfiɗa kafin asuba, sauran 'yan'uwa suna barci. Yanzu ko kallonmu ba ta son yi.

Liman ya ce idan magada suka amince, gidan ya zama kyauta daga gare su. Ni da Inna mun amince, ƙanena ya ƙi. Shin amincewarmu tana aiki a kan rabonmu kaɗai? Kuma Inna tana da ikon yafe rabon auta?

Sai kuma wani malami ya ce a mazhabar Malikiyya wasiyyoyin biyu ake gwamawa cikin sulusin, jikan ya samu miliyan biyu da rabi kawai, sauran ya koma gado. Wanne za mu bi? Lokacin noman rani ya matso, ba mu san wanda zai shiga gonar ba.

Ɗalibinka daga Argungu, Jihar Kebbi.