Aikau a farkon layi, aikatau a can ƙarshe

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in ja hankalin masu tace labaranku kan wani kuskure da ke yawan sulluɓe musu. Ba wanda zai rubuta "kwamiti ta zauna" bai ji abin ya tsaya masa a wuya ba. Amma da zarar jimla ta yi tsawo, aka jera bayanai tsakanin aikau da aikatau, sai kuskuren ya wuce salin-alin.

Ga irin jimlar da nake nufi: "Kwamitin da gwamnati ta kafa domin binciken kuɗin gyaran makarantun da ambaliya ta rusa bara ta miƙa rahotonta."

Wa ya miƙa rahoton? Kwamiti. Kwamiti kuwa namiji ne a nahawu, don haka "ya miƙa rahotonsa" ne daidai. Abin da ya faru shi ne, kafin marubucin ya kai ga aikatau ya bi ta kan gwamnati da ambaliya, kowacce da "ta" ɗinta, kunnensa ya saba, hannunsa ya zarce. A Hausa aikatau kansa ba ya sauyawa, "miƙa" yana nan yadda yake. Ɗan wakilin sunan da ke gabansa, ya ko ta ko sun, shi ke ɗauke da jinsi da adadi. Idan ya karkace, labari ma ya karkace, domin mai karatu na iya ɗauka gwamnati ce ta miƙa rahoto, alhali ita aka miƙa wa.

Gyaran ba ya buƙatar komai sai yatsa. A sa shi kan sunan farko, a rufe duk abin da ya fara daga "da" ɗin nan mai bayani, har a iso aikatau na ainihi, sannan a karanta abin da ya rage da ƙarfi: "Kwamitin ta miƙa rahotonta." Ko ɗan firamare zai ce a'a. Kada kuma a tsaya nan, domin kuskuren yakan yi rassa. Wanda ya gyara "ta" ya bar "rahotonta" rabin aiki ya yi. A bi duk wani -nsa da -nta, da ne da ce, da wanda da wadda, har ƙarshen sakin layi.

Inda aikin ke da wuya shi ne gane wane aikatau ne na ainihi. A baki, "ta" ɗin "ta rusa" gajere ne, na "ta miƙa" kuwa ana jan sa, amma a rubutun boko kamarsu ɗaya. To sai a juya komai jam'i a zuci: "Kwamitocin da gwamnatoci suka kafa... sun miƙa." Nan take an rabe. Masu "suka" na cikin bayani ne, mai "sun" shi ne na aikau. Dabarar tana da iyaka, don a jimlar jaddadawa kamar "su ne suka miƙa", ko cikin labari mai bin juna, aikatau na ainihi ma "suka" yake ɗauka. Amma a jimlar buɗe labari ba ta cika ba da kunya ba.

Kuskuren adadi ya fi wannan yawa. "Ɗaya daga cikin malaman da suka rubuta wa hukumar takardar koke sun janye." Mutum ɗaya ne ya janye, saura suna nan kan bakansu, amma "sun" ya janye su duka. A rubuta "ya janye" ko "ta janye", wanda kuma zai tilasta wa wakilinku ya bincika namiji ne ko mace.

Sai dai ina roƙon kada a wuce gona da iri. Ba kowane "sun" bayan tilo ne kuskure ba. Ɗalibin da ya ce "Malam sun fita" girmamawa ya yi, a bar masa abinsa. "Jama'a" ma tana karɓar "ta" tana karɓar "sun". Abin da ba ya karɓuwa shi ne a fara da "jama'a ta taru" a ƙare da "sun watse" a numfashi guda.

Idan kuwa an rufe tsakiyar jimla da yatsa aka ga yatsa bai isa ba, sai da tafin hannu, to a raba ta biyu kawai: "Kwamitin binciken kuɗin gyaran makarantu ya miƙa rahotonsa. Gwamnati ce ta kafa shi bayan ambaliyar bara."

Na gode da ba ni wannan fili.

Naku,
Wani malamin Hausa mai bibiyar jaridarku