Sanarwa kan lokacin karatunmu na Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wasu sun tambaya me ya sa gayyatar kalandar da aka tura daga nan Zariya take nuna musu wani lokaci daban da na abokansu. Hakan daidai ne, don Allah kada kowa ya gyara.

An sa karatun ƙarfe 4 na yamma agogon Najeriya, wato sa'a ɗaya gaba da UTC, agogon da duniya take auna lokaci da shi. Kalandar tana ajiye lokacin tare da yankinsa, Africa/Lagos, sannan wayar kowa ta juya shi zuwa agogon inda yake. Ɗan uwanmu da ke Makka zai ga ƙarfe 6, na Accra ya ga ƙarfe 3, na Yamai kuwa 4 ɗin nan zai gani. Duk lokaci guda za mu haɗu.

Na Landan su ne abin lura. Ingila tana tura agogonta gaba da sa'a ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A tsakanin nan za su ga ƙarfe 4 kamar mu, bayan Oktoba kuma ya koma ƙarfe 3, alhali mu ba mu motsa ba.

Matsalar takan zo ne idan wayar mutum ko kalandarsa tana kan yankin da ya baro bayan tafiya. Ku buɗe saitin kalandar ku duba Time zone. Kuma kada a ɗauki hoton gayyatar a tura, domin hoto ba ya juya lokaci. A tura gayyatar kanta. Na gode.