Wayarka ba ƙarya take ba, amma ba komai take gani ba

Assalamu alaikum mutumina Nura,

Ya Fatakwal, ya ruwan sama, ya madam da yara? Mu nan Kano zafi ne kawai yake gasa mu, ga wuta sai a hankali. Na ga saƙonka da hoton da ka turo, wai likita ya ce ka riƙa tattaki saboda hawan jinin nan, ka sa manhajar ƙirga taku a waya, sati guda kullum tana nuna maka 3,000 da ɗoriya alhali ita ta ce sai 10,000, shi ne kake tambaya ko wayar ce maƙaryaciya ko kai ne rago. To ka san aikina gyaran waya ne, tambayar nan ba yau na fara jin ta ba, bari in yi maka dalla-dalla.

Wayar ba ƙafarka take gani ba. Akwai wata 'yar sensa a cikinta mai jin motsi, ita ce dai take juya maka sikirin in ka kwantar da wayar. Duk sanda ka taka ƙasa jikinka yana ɗan yin sama ya dawo, to wannan girgizar take saurara, in ta ji tana maimaituwa a jere da tsari ɗaya sai ta ce wannan tafiya ce. Shi ya sa in ka miƙe hanya kana tafiya sosai, wayar na aljihun wando, lissafinta yana zuwa kusa da daidai ƙwarai, kuskuren kaɗan ne. Matsalar tana farawa ne in tafiyar ta zama ta jan ƙafa. Ka tuna yadda ake kutsawa cikin layukan Kantin Kwari gab da sallah, taku biyu ka tsaya, mai baro ya wuce, ka sake uku ka tsaya? Irin wannan yawanci zubar da shi take, don da yawa cikin manhajojin sai sun ji taku da dama a jere kafin su fara lissafi, saboda kar su ɗauki kowane motsi a matsayin tafiya. Haka zirga-zirgar cikin shago, daga kanta zuwa ƙofa. Tsoho mai tafiya a hankali ma tana cinye masa taku.

Akwai kuma inda take yi maka gyara, ta ba ka abin da ba ka yi ba. Shiga adaidaita sahu a hanya mai gargada, ka duba lambar kafin ka hau da bayan ka sauka, wani lokacin za ka ga ta ƙaru kana zaune. Aljihun gefe na doguwar riga ma wayar lilo take a ciki, ba kamar na wando da yake manne da cinya ba.

Amma babbar ɓarakar ba daga sensa take ba, daga mu take. Wayar tana wajen mai caji tun azahar, ko ka bar ta a gida za ka masallacin asuba saboda 'yan ƙwace, ko tana kan tebur kana ta kai-kawo. An yi wani bincike a Kanada da aka haɗa wa mutane wata na'urar daban a ƙugu aka kwatanta da wayarsu, aka tarar wayar tana rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na takun yini, kuma galibi saboda rashin ɗaukarta ne. Matan gida abin ya fi shafa, maman su Hanifa tana wuni a tsaye tsakanin kicin da tsakar gida, da daddare wayarta ta nuna ɗan abin da bai kai ya kawo ba, don tana kan gado tun safe.

Ga yadda za ka gwada taka. Samu miƙaƙƙiyar hanya, rubuta lambar da ke sikirin, sa wayar a aljihun da ka saba, ka yi taku 200 kana ƙirgawa da bakinka, kowace ƙafa ta sauka ɗaya ne. Ka tsaya ka ɗan jira kamar minti guda don wasu ba sa sabunta lambar nan take. In ta ba ka tsakanin 190 da 210, wayarka lafiya lau. In ka ga 120 ko ma ba ta motsa ba, shiga setin ka duba ko ka ba manhajar izinin Physical activity, sannan ka duba Battery saver, shi ne yake kashe ta in sikirin ya mutu, rabin waɗanda suke kawo min ƙorafin nan matsalarsu kenan. Kilomita da kalori da take nunawa kuwa kar ma ka wahalar da kanka, hasashe ne daga tsawonka da nauyinka.

Yanzu maganar 10,000. Wallahi ba likita ne ya yanke lambar nan ba. A 1965, bayan wasannin Olamfik na Tokyo na 1964, wani kamfanin Japan mai suna Yamasa ya fitar da na'urar ƙirga taku ya tallata ta da wannan adadin, daga nan ta bi duniya. Da masu bincike suka zo suka auna, sai labari ya ɗan bambanta. A 2019 Farfesa I-Min Lee ta Harvard ta fitar da sakamakon bin mata sama da 16,000 masu shekara kusan 72, aka ga masu yin taku 4,400 a rana mace-macensu ya yi ƙasa sosai da na masu 2,700, amfanin yana ta ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. Wani nazarin na 2022 da ya haɗa bincike 15 ya nuna wanda ya kai 60 amfanin yana tsayawa wajen 6,000 zuwa 8,000, na ƙasa da 60 kuma 8,000 zuwa 10,000. Ka ga irinmu 'yan arba'in da wani abu 8,000 ma ta wadatar, kuma ribar da ta fi tsoka tana can ƙasa ne, wajen tashi daga 3,000 zuwa 5,000.

To mu ɗauki naka. A hoton na ga satinka yana yawo tsakanin 2,900 da 3,800, a ce 3,300. Wataƙila na gaskiyar ya kusa 4,000 in aka haɗa da wanda wayar ba ta gani ba, amma bar shi a 3,300 ɗin, tunda da ita za ka ci gaba da awo, mudu ɗaya ake so ko da ba cikakke ba ne. Tafiya mai ɗan sauri, wadda za ka iya magana amma da ɗan haki, kusan taku 100 ce a minti. Kenan minti goma ya ba ka 1,000. Shiga manhajar ka goge 10,000 ɗin nan ka sa 4,300, ka riƙe sati biyu, minti goma ne kawai bayan asuba. In ya zauna maka ka ƙara goma bayan la'asar ko isha'i, 5,300 kenan. A haka cikin wata biyu kana wajen 7,000, wato tafiyar minti arba'in a kan abin da ka saba, kuma ba sai a lokaci ɗaya ba. Ni a ganina in ka kai nan ka iya riƙewa, kar ka damu da sauran. Kuma matsakaicin sati za ka riƙa dubawa, ranar da aka wuni ana ruwa ba za ta ɓata maka lissafi ba.

In gwiwa ko diddige suka fara ciwon da yake kwana, koma adadin baya ka ƙara sati. In kuwa ƙirji ne ya riƙe ko jiri ya ɗebe ka, wannan ba maganar waya ba ce, ka tsaya ka koma wajen likitanka, kuma maganin ka ci gaba da sha, tattaki bai maye gurbinsa ba. Dan Allah ka sayi takalmi sawu-ciki, kar ka yi da silifas ɗin nan naka.

Ka turo min abin da gwajin 200 ɗin ya ba ka da sunan wayar, in setin ne sai in nuna maka inda za ka taɓa. Su Baba suna gaishe ka, suna tambaya ko za ku zo babbar sallah.

Naka,
Auwalu