An ce in yi wa sababbin ɗalibai jawabi, amma an ce in tsaya a kan mai daɗi

Assalamu alaikum Malama. Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya, ya aiki, ya haƙuri da mu. Allah ya saka da alheri bisa shawarwarin da kike ba jama'a a wannan fili.

Ni ɗalibi ne a ƙasar waje, ina shekarata ta uku. Ƙungiyarmu ta ɗalibai baƙi takan shirya taron tarbar sababbin zuwa a farkon zangon karatu, bana kuma ni aka ɗora wa jawabi kan yadda mutum zai tsallake shekarar farko. Minti 20 aka ba ni. Da na nuna wa shugaban ƙungiyar abin da na rubuta, sai ya ce ya yi nauyi, yaran nan ko makonni biyu ba su yi ba, kada in karya musu gwiwa. So yake in yi maganar katin shiga bas, da inda ake samun rigar sanyi, da muhimmancin yin abokai. Duk wannan yana cikin ƙasidar da makaranta ke rabawa, kuma ban taɓa ganin wanda rashin katin bas ya mayar gida ba.

Abin da na gani yana kayar da ɗalibai a hankali yake zuwa, kuma da kuɗi yake farawa. Mutum ya raba abin da ya zo da shi gida 12, yana ganin kowane wata da rabonsa. Ashe watan farko shi kaɗai zai iya cinye rabon wata biyu ko uku: ga hayar wata, ga kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa, ga kayan sanyi, ga rajista iri-iri. Banki kuma ba zai buɗe maka asusu ba sai ka kawo shaidar adireshi, adireshin ba ya samuwa sai ka biya haya. Wanda ke jiran tallafin karatu, in aka yi jinkirin turowa, da bashi zai shiga wata na uku.

Akwai wani abokina da muka zo shekara ɗaya, labarinsa ne ƙashin bayan jawabin. Da kuɗi suka yi masa ƙaranci sai ya nemi aiki. Takardar bizarmu ta yarda da awa 20 a mako lokacin karatu. Wannan doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: a Birtaniya awa 20 ce a mako ga mai karatun digiri, a Ostareliya awa 48 ce cikin makonni biyu. Shi sai ya ɗauki lissafin wani ɗan'uwansa da ke wata ƙasa, ya ɗauka in ya wuce a wannan mako zai rage a mai zuwa. A wurinmu kowane mako da lissafinsa. Daga baya ma ya ƙara da aikin dare wanda ake biya a hannu. Lissafin ba wuya, Malama: lakca awa 15, karatun da ake so ka yi da kanka kamar awa 25, aiki ya kai 35. Awa 75 ke nan a mako, ban da hanya, ban da girki da wanki. Barci ne ya biya kuɗin.

Lokacin kuma hunturu ya kankama. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma. Ya dawo daga aiki cikin duhu, ya farka duhu ya sake rufewa. Ya fara rasa lakcar safe. Makaranta tana ɗaukar sunan wanda ya halarta, saboda zaman ɗalibi baƙo a ƙasar ya rataya ne a kan cewa karatun yake yi. Suka aiko masa saƙo ta imel ɗin makaranta suna tambayar ko lafiya, bai buɗe ba don tsoro. Saƙon farko na neman taimaka masa ne, na ƙarshe shi ne na gargaɗi. Da lokacin miƙa jinga ya matso, sai ya kwaso rubutun wani ya sauya 'yan kalmomi, aka gano, aka kira shi gaban kwamiti kan satar fasaha.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne akwai ƙofa a buɗe duk tsawon lokacin. Makaranta tana da fom na neman ƙarin lokaci ga wanda rashin lafiya ko wata lalura ta same shi, amma ana so a cike kafin wa'adi ya cika, tare da shaida, galibi takardar likita. Shi ko rajista da likita bai yi ba, don a ganinsa ba ciwon da yake yi. Akwai kuma asusun agaji na ɗalibai masu ƙuncin kuɗi da ofishin ɗalibai baƙi, bai taka ko ɗaya ba. Duk wannan lokaci iyayensa hotuna kawai suke gani yana murmushi. Mu da muke kusa da shi alamun da muka gani ba su da yawa: ya daina amsa waya, ya rame, in an tambaye shi ya ce komai lafiya. Alhamdu lillahi ba a kore shi ba, amma sai da ya maimaita kwasa-kwasai, da ƙarin kuɗin makaranta.

Na kuma so in gaya musu cewa murnar da suke ciki yanzu ba ita ce ma'auni ba. Tun 1955 wani masani ɗan ƙasar Norway, Sverre Lysgaard, ya yi nazari kan 'yan ƙasarsu da suka je karatu Amurka, ya ga waɗanda suka zauna tsakanin wata 6 zuwa 18 sun fi jin wahalar sabo a kan waɗanda suka yi ƙasa da haka ko fiye. Ba kowa ke bin wannan tsari ba, amma ina ganin wanda aka faɗa wa tun farko, in ƙuncin ya zo ba zai ɗauka shi kaɗai ne ya gaza ba.

To ga inda na tsaya, Malama. Abokin nan bai san ina da niyyar ba da labarinsa ba. Ko na ɓoye suna, mu ba mu da yawa, tsofaffin ɗalibai da za su zauna a bayan zaure za su gane shi nan take. In na nemi izininsa ina tsoron fama masa miki, don har yau bai taɓa tayar da zancen ba. In kuwa na cire labarin, abin da zai rage jerin dokoki ne, kuma na san yadda sabon zuwa ke sauraron dokoki: yana gyaɗa kai, hankalinsa na kan wayarsa.

Shin in tunkare shi, kuma da wane irin lafazi? In ya ƙi, ya halatta in sauya wasu bayanai in ba da labarin, ko hakan ma cin amana ne? Sannan shugaban ƙungiyar ya girme ni, shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka, ba na son ya ga kamar na raina shi. Yaya zan fahimtar da shi ba tare da mun ɓata ba? Taron saura makonni biyu, don Allah a taimaka min da amsa kafin lokacin.

Na gode, Allah ya ƙara basira. A sakaya sunana.

Ɗanki, daga ƙasar waje.